Kwatanta Kaya Kala-kala a Hoto Ɗaya

Abin da masu gwada tufafi da Stable Diffusion, manhajar AI mai ƙirƙirar hoto daga rubutu, suka fi nanatawa shi ne a daina barin seed a -1. Seed lamba ce da manhajar ke fara zana hoto da ita, -1 kuma na nufin ta zaɓi sabuwar lamba kowane lokaci. Ka sa lamba ɗaya, kamar 1234, ka kuma bar sauran saituna irin su model, sampler, steps da girman hoto yadda suke. Sai ka shafe wurin riga kaɗai a inpainting, wato sashen da ke sake zana wurin da ka shafe kawai, ka canza kalmar tufafin a rubutun da kake ba manhajar: yau shadda, gobe atamfa. Ta haka bambancin da ka gani na kayan ne kawai.

Wata mai ɗinki ta ja kunne kan denoising strength, wato ma'aunin yawan canjin da za a yi wa wurin da aka shafe, daga 0 zuwa 1, kuma na ga gaskiyarta. Idan ya yi ƙasa, tsohuwar riga na leƙowa. Idan ya kusa 1, kafaɗa da hannu su karkace. Ita daga 0.7 take farawa. Sauya kwamfuta ma na iya canza hoton, ko da seed bai motsa ba.