Neman kalma: ranar da bashi ya kai lokacin biya

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar saƙonnin waya na wani bankin Musulunci, kuma ranar Alhamis zan miƙa. Inda na maƙale shi ne "maturity date". Ga misalin da ke cikin takardar: banki ya sayo wa ɗan kasuwa buhunan shinkafa kan naira 500,000, ya sayar masa kan 560,000, zai biya cikin wata shida, daga farkon Janairu zuwa 30 ga Yuni. Ranar 30 ga Yunin nan nake nema wa suna. Wanda ya fara aikin kafin ni ya sa "ranar nuna", kamar mangwaro.

Alaramma Na Zaure: Wa alaikumussalam. Ai ba abin nema ba ne Hajiya, ajali ne. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, cewa ta yi idan kun ƙulla bashi zuwa ajali ambatacce ku rubuta shi. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ciniki zuwa ajali. Ki sa "ranar ajali" ki huta.

Ɗan Kwari: Allah gafarta Malam, idan wayata ta yi ƙara na ga "Alhaji, ranar ajalinka 30 ga Yuni", wallahi ba banki zan nufa ba, gida zan koma in yi wasiyya.

Malama Bilki: Ɗan Kwari ya faɗi abin cikin raha, amma nan matsalar take. A Larabci ajal lokaci ne da aka yanke wa kowane abu: bashi, idda, rayuwa. Da ya shigo bakin Bahaushe sai ma'ana ɗaya ta cinye sauran. Ku saurari labarai: "hatsarin ya yi ajalin mutum biyar", "ciwon ne ajalinsa". Har ya tashi daga lokacin mutuwa ya koma sanadinta. Ma'anar ciniki tana nan da rai a zaure, amma saƙon nan ba almajiran Malam kaɗai za a tura wa ba. Ni wa'adi zan zaɓa: "ranar cikar wa'adi".

Alaramma Na Zaure: To ai wa'adi ma ba ma'anarsa ke nan ba. Wa'ad alkawari ne. Kuma idan mutuwa kuke gudu, ba a cewa "wa'adinsa ya cika" a gidan makoki?

Malama Bilki: Ana cewa, Malam, ban musa ba. Bambancin shi ne wa'adi yana da sauran gidajen kwana. Gwamna yana neman wa'adi na biyu, ƙungiyar malamai tana ba gwamnati wa'adin kwana goma sha huɗu, mai gida yana ba ɗan haya wa'adi, ba wanda ke tuna likkafani. Daga alkawari ya koma tsawon lokacin da aka ɗiba don cika alkawarin, shi ya sa ba za a ce "ranar wa'adi" kawai ba. Wata shidan su ne wa'adin, 30 ga Yuni kuwa cikarsa ce.

Hausa Zalla: Abin takaici. Bature ya kawo kalma, mun ruga wurin Balarabe aro. Mu ba mu da baki ne? Na daɗe ina ba da shawarar "ƙurewa". Ranar ƙurewa. Hausa ce tsantsa, daga "lokaci ya ƙure".

Issoufou Maradi: Hajiya, idan ranar lalacewar kaya kike nufi, mu nan cewa muke ranar da magani ya mutu.

Maman Sadiq: A'a Malam Issoufou, ba ta kaya ba ce, ta bashi ce. Wadda takardun bankinku ke rubutawa "échéance".

Issoufou Maradi: Af, to. Wannan kam a kasuwa "lokaci ya yi" kawai muke cewa.

Malama Bilki: Hausa Zalla, jimlar da ka kafa hujja da ita da aro ta fara. Lokaci daga al-waƙt yake, lam ɗin Larabci ce ta manne masa, kamar yadda ta manne wa labari da littafi. Sannan ƙurewa tana ɗauke da ma'anar an makara. Wanda ya biya ranar 30 ga Yuni bai makara ba, ya cika alkawari daidai. Ajiye ƙurewa sai 1 ga Yuli.

Hausa Zalla: Ko ma daga ina lokaci ya zo, ya zama namu. Amma ku 'yan jami'a kullum sai kun nuna Hausa ba ta iya tsayawa da ƙafarta. Kafin Larabawa su zo ba ma cin bashi ne?

Ɗan Kwari: Muna ci mana, biya ne dai har yau da sauƙi-sauƙi.

Alaramma Na Zaure: Larabci ba baƙo ba ne da za a haɗa shi da Turanci, yaro. Da shi kakanninka suka rubuta wasiƙun fatauci zuwa Gwanja. Abin da ke damuna shi ne yadda kuke barin jahilci ya karkatar da kalmomi. Attajiri ɗan kasuwa ne, ko jarinsa tire ɗaya ne na goro, yanzu kun mai da shi mai kuɗi ko bai taɓa sayar da allura ba. Daƙiƙa minti ce, 'yan rediyo sun mai da ita sakan.

Hausa Zalla: Ka ga ni ba yaro ba ne, Malam. Kuma wannan karkatarwar ita ce shaidar mun mallake su.

Maman Sadiq: Don Allah a dawo kan bashi. Tunda an taɓo karkacewa, ga ta biyu. Naira 60,000 ɗin da banki ya ɗora, na rubuta "ribar banki". Sai ga wani layi yana cewa bankin ba ya mu'amala da riba. Saƙo ɗaya, riba biyu, ɗaya halal ɗaya haram.

Malama Bilki: Kalmomi biyu ne daban tun daga tushe. Ta kasuwa daga ribh take, wadda ta haifi murabaha, irin cinikin da kika kawo misalinsa. Da Hausa ta jefar da harafin ƙarshe sai ta ja wasalin farko, riiba. Ta haram daga riban Larabci take, mai ma'anar ƙari, wasalinta gajere. Kunne yana rabewa, amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, sai suka zo iri ɗaya a takarda. Bar riba ga halal, ki kira ɗayar kuɗin ruwa, kowa ya san shi.

Alaramma Na Zaure: Kuɗin ruwa bai ɗauke riba duka ba. Wanda ya ba da mudu ɗaya na gero mai kyau ya karɓi mudu biyu na maras kyau hannu da hannu ya ci riba, kuma ba bashi ba ruwa a ciki. Wannan kam ba zan sakar muku ba.

Malama Bilki: Nan gaskiyarka ce Malam, ba ni da amsa mai gajarta.

Maman Sadiq: Akwai kuma abin da mai kula da na'urarsu ya gaya mini. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ ko ɗ ta shiga sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ƙaru. Idan na cire lanƙwasa, ƙurewa ta zama "kurewa", kuɗin ruwa ya zama "kudin ruwa". Cikar wa'adi ba ta da wannan matsala. Ga abin da zan miƙa: "Ranar cikar wa'adin biyanka ita ce 30 ga Yuni. Jimla N560,000." Layin riba kuma zan tura musu duka biyun, malaman shari'arsu su zaɓa.

Alaramma Na Zaure: A saƙon waya na yi shiru. Amma a takardar yarjejeniya ki sa ajali, ko sau ɗaya ne.

Hausa Zalla: Ni dai ban yarda ba. A shirina na ranar Asabar ƙurewa zan ce, mu ga wadda za ta bi bakin mutane.

Ɗan Kwari: Hajiya, idan sun tambaye ki sunan kwanakin da ake ɗaga wa mutum ƙafa bayan 30 ga Yuni, ki dawo nan. Wannan ce ta dame ni.