Yarona na zawo, ruwan gishiri da suga bai tsayar da shi ba

Maman Abba, Argungu: Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ɗan wata 14 yana zawo tun jiya da la'asar, ruwa tsululu, yau ya yi sau shida. Na haɗa masa garin gishiri da suga na kemis, wanda aka rubuta ORS a ledarsa, ya sha ya yi amai, zawon kuma bai tsaya ba. Idonsa ya ɗan faɗa, sai rigima yake, da ya ga kofi sai ya wawura. In daina ba shi in nemi wani magani ne?

Hajiya Inno: Wa alaikumus salam. Wanga ai haure na, ɗiyata. Duk ɗiyana haka sun ka yi in za su fidda haƙori. Ki duba maɗigarshi, in ta faɗa a nemo mai ɗaga ta. Allah shi ba shi lafiya.

Baban Sadik, Jega: Ki sayo Filajil na ruwa. Ni shi nake ba nawa, kwana biyu ya ɗauke. Ruwan gishirin nan yara ba sa son ɗanɗanonsa, ni nakan ƙara suga ko in zuba lemon kwalba a ciki, sai su shanye.

Anti Nas, Birnin Kebbi: Maman Abba, kada ki daina. Kafin komai ki amsa min waɗannan. A ruwa nawa kika zuba garin? Yaushe ya yi fitsari na ƙarshe? Akwai jini a kashin? Kilo nawa ne a awonsa na baya? Sannan ki kwantar da shi, ki kama fatar cikinsa tsakanin cibiya da gefe da yatsu biyu, ki ɗaga ki saki, ki gaya min yadda ta koma.

Maman Abba: Anti, ledar ta ce lita ɗaya, na juye fiya wata biyu a jug na zuba duka. Fitsari tun hantsi, ɗan kaɗan, ja. Babu jini. Awon watan jiya kilo 9 ne. Fatar ta koma, amma ba nan take ba, sai da ta ɗan tsaya.

Anti Nas: Haɗin ya yi daidai in dai fiya watan na rabin lita ne kowanne. Abba ya fara bushewa, amma bai kai matakin ƙarshe ba. Ido ya faɗa, ƙishi ya tsananta, rigima, fata na komawa a hankali: biyu daga cikin waɗannan sun isa a ce ruwan jiki ya ragu, shi kuma yana da huɗun. Yaron da ya kai nan muna so ya sha ruwan a gabanmu, don haka ki shirya ki kai shi asibitin da ya fi kusa yau, ki riƙe jug ɗin da cokali kina ba shi a hanya.

Lissafin da za a yi miki can shi ne mil 75 kan kowane kilo, a sha cikin awa huɗu. Kilo 9 ya ba da mil 675, wato kamar kashi biyu cikin uku na abin da ke jug ɗinki. In an raba, mil 170 ne a awa. Cokalin shayi mil 5 yake ɗauka, sai ki riƙa ba shi cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya zuwa biyu. Na san da gajiya, a nan ne ma uwaye da yawa suke sarewa su miƙa wa yaro kofi. Shi kuma da ƙishi ya kwankwaɗe lokaci guda, ciki ya cika, ya dawo da shi. Ina kyautata zaton abin da ya jawo aman ke nan. In ya sake yi, ki jira minti 10, ki ci gaba a hankali fiye da da, cokali ɗaya duk minti biyu ko uku. Ba duk abin da ya sha yake amayarwa ba, wani ya riga ya wuce hanji. Nono kuma ki ba shi duk lokacin da ya nema.

Maman Ilham, Yauri: Anti ki yi haƙuri, ni abin da ban gane ba, in ba ya tsayar da zawon to mene ne amfaninsa? Ana zubawa ta sama yana fita ta ƙasa. Me ya sa ba za a ba shi ruwa zalla ba kawai?

Anti Nas: Ba a yi shi don tsayar da zawo ba. Yawancin zawon ruwa na yara ƙwayar cuta ce da jiki ke korarta da kansa cikin 'yan kwanaki. Abin da ke kashe yaro kafin kwanakin su cika shi ne ruwa da gishirin da ke fita daga jikinsa.

Hanji ko da lafiya kullum yana zubo ruwa cikinsa don narkar da abinci, yana kuma tsotse kusan duka ya mayar jini. A zawo zubowar ta fi tsotsewar. Kuma hanji ba ya jan ruwa kai tsaye. Gishiri yake ja, ruwa ya bi gishirin. Hanyoyin da gishiri ke shiga shi kaɗai su ne zawo ya fi lalatawa. Amma a bangon ƙaramin hanji akwai wata hanya dabam da akasari take ci gaba da aiki ko ana tsakiyar zawo. Kamar ƙofa ce mai maigadi wanda ba ya barin kowa ya wuce shi kaɗai: sai gishiri ya zo tare da sugan nan da ake kira gulukos sannan a buɗe musu. Da sun shiga, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Sugan da ke cikin ledar aikinsa ke nan, ba don daɗi aka sa shi ba.

Shi ya sa za ki ga yaro yana ta zawo amma idonsa yana cikowa, fitsari ya dawo. Fitsarin za ki sa wa ido. Ruwa zalla kuma yana kashe ƙishi, sai dai ba ya mayar da gishirin da ya fita, in shi kaɗai aka dinga ɗura wa yaro gishirin jininsa raguwa zai ƙara yi.

Baban Sadik, a nan maganarka ta ƙara suga take da haɗari. Wannan hanya iya abin da za ta iya ɗauka take ɗauka. Sugan da ya yi yawa yana zama cikin hanji, ya jawo ruwa daga jiki zuwa wurinsa, zawo ya ƙaru. Lemon kwalba suga ne fal, gishiri kusan babu. Tun 2002 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage gishiri da gulukos na haɗin, saboda an ga wanda bai kai na da ƙarfi ba ya fi rage kashi da amai. Ledar lita ɗaya yanzu giram 13.5 na gulukos ke ciki da giram 2.6 na gishiri, sai fotasiyam, wanda rashinsa ke sa yaro ya yi laushi cikinsa ya kumbura. An auna su ne da lita ɗaya. Wanda ya zuba leda guda a fiya wata ɗaya wai don ya yi ƙarfi, gishiri zai yi wa yaron yawa, har yana iya kai shi ga jijjiga.

Baban Sadik: To na ji ta suga. Amma Filajil fa na ga aikinsa da idona.

Anti Nas: Kwana biyun da ka ƙirga, da ka ba shi da ba ka ba shi ba zawon zai iya ɗaukewa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai an ga jini a kashi, ko ana zargin kwalara, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Ƙwayar da manya ke sha ta ɗaure ciki kuwa ba a ba ƙananan yara sam. Abin da ake haɗawa da ruwan shi ne zinki: ɗan wata 6 zuwa sama miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, ko zawo ya tsaya a ƙarasa. Wanda bai kai wata 6 ba rabin haka.

Malam Garba, tsohon malamin firamare: Mu a zamaninmu a gida ake haɗawa, ana koyarwa har a rediyo, da kwalba ake awon ruwan. Ba sai an je kemis ba. Kuma ruwan nan ba ƙaramin abu ba ne. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke, ruwan leda na jijiya ya ƙare, wani likita Dilip Mahalanabis ya sa dangi suna ba majinyata shi da baki. Mutuwa ta sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4.

Anti Nas: Haka ne, Malam. Na gida yana ceto in dare ya yi ko hanya ba ta biyuwa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin cokali na gishiri a shafe. Kada ya fi hawaye gishiri. Matsalarsa cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, kuma babu fotasiyam a ciki. In akwai leda, ita ce gaba. Kowanne aka haɗa, in ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo.

Maman Ilham: Ɗiyar maƙwabciyata da ke da tamowa, da aka kai ta asibiti hana su wannan ledar aka yi.

Anti Nas: Daidai aka yi. Yaro mai tamowa mai tsanani, wanda ya rame ƙwarai ko ƙafafunsa suka kumbura, zuciyarsa ba ta ɗaukar gishiri da ruwa da yawa. Akwai haɗi na musamman da ake ba su a hankali ƙarƙashin kulawa. Gwajin fatar ma ba ya nuna gaskiya a jikinsu, don fatarsu dama a sake take. Irinsu ba a yi musu lissafin nan a gida.

Maman Abba, in a hanya kika ga ya yi laƙwas, yana ta barci da ƙyar ake tada shi, ko ya kasa sha, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo, kada ki tsaya layi. Ki faɗa musu da kin shiga, wannan ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata.

Hajiya Inno: Ni dai har yanzu maɗigar nika ji. An saba ɗagawa kuma yara na tashi.

Anti Nas: Inna, maɗiga na faɗawa, kin yi gaskiya. Ruwan jiki ne ya ragu ta lotsa, in ya dawo za ta ciko da kanta. Ina roƙo dai kada a sa masa yatsa a ganɗa, kada kuma a jira mai ɗagawa ruwan ya tsaya.

Hajiya Inno: To. Allah shi sawwaƙa. Haƙorin dai za ku gani.

Maman Abba: Mun dawo bayan isha'i. An auna shi kilo 8 da rabi, ya sha ruwan a can, sau ɗaya ya yi amai. Ya yi fitsari sosai kafin mu taho. Sun ba ni leda biyu da zinki. Amma yanzu ma ya sake zawo. Nawa zan ba shi, kuma in ba shi kunu?

Anti Nas: Bayan kowane zawo mil 50 zuwa 100, wato cokalin shayi 10 zuwa 20, tunda bai kai shekara biyu ba. In ya nemi ƙari ki ƙara. Kunu ki ba shi, da ayaba in akwai, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Zinkin ki narka a cokali da ɗan nono bayan ya ci wani abu, don a kan yunwa yakan tayar da zuciya. In jini ya fito, ko zazzaɓi ya zo, ko ya rage sha, ko kwana uku ba sauƙi, ki koma da shi.