Shawarwarin Matan Agege Kan Kwanon Wake

A hirar da matan wani gida suka yi a Agege, yawancinsu sun yarda cewa man girki ne ke ɓata lissafin mai son rage ƙiba, domin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa yana ɗauke da kalori kusan 120, yayin da dafaffen ƙwai bai wuce 80 ba. Saboda haka aka ba da shawarar a dafa wake kofi ɗaya da albasa da tattasai, a auna mai cokali ɗaya tak, sannan a zuba alayyafo mai yawa daf da saukewa, kowa ya samu ƙwai guda. Wata dattijuwa ta ce masu fita aiki da asuba su ƙara daten dawa ko na gero, domin in dai ba a cire masa dusa ba, yana riƙe ciki har la'asar. Mai fama da kumburin ciki kuwa, ta jiƙa waken tun dare, ta zubar da ruwan kafin ta ɗora.