Takardar tashi daga gidan haya: yaushe take cin sunanta?

Masu shawara sun fi jaddada lissafin wa'adi, domin nan takardu ke faɗuwa a kotu. A fara duba yarjejeniyar haya. In ba ta faɗi wa'adi ba, dokar wurin ce ke yankewa, galibi gwargwadon yadda ake biyan kuɗin. A ce wa'adin wata guda ne, an rubuta takarda ranar 1, amma sai ranar 10 ta shiga hannun ɗan haya. Yawanci daga ranar isarwa ake ƙirga, don haka umarnin cewa ɗan haya ya fita ranar 30 bai cika wa'adin ba.

Takardar ta ƙunshi sunan ɗan haya, adireshin gidan, ranar fita, da sa hannun mai gida ko wakilinsa. A riƙe shaidar isarwa. Ko wa'adi ya cika, a yawancin wurare kotu ce ke fitarwa. Canza kwaɗo ko cire rufi karya doka ne.