Kala a kan kunnen gam: a bari ko a cire?

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. An turo min zanen yankan kwalin kilishina daga Shomolu, guda 2,000 za a buga. Jar kalar ta rufe har kunnen da ake shafa wa gam. Mai zanen ya ce ba komai, tunda wurin ɓuya zai yi. Haka ne?

Nura: Gaskiyarsa ce, Hajiya. Kunnen ciki yake shigewa, wa zai gan shi?

Malam Bala: Ba maganar gani ba ce, Nura. Farin gam sai ya shiga jikin takarda yake kamawa. In ya tarar da tawada da man sheƙi, a sama zai zauna. Ran nan za ka ga kamar ya riƙe, bayan kwanaki gefen kwalin ya ɓalle a kanti, balle a damshin Legas da gam ba ya saurin bushewa. Na sha ganin haka da idona.

Ummi: To a bar kunnen fari fat, kala ta tsaya daidai kan layin ninki.

Malam Bala: Kin kusa, ƙanwata. Wuƙar yanka takan goce kaɗan. In kala ta tsaya cif a kan layin, farin zare zai fito a kusurwar kwalin daga sama har ƙasa, kuma a kan ja ba ya ɓuya. Hajiya, faɗin kunnen nawa ne?

Hajiya Rabi: Milimita 15, Malam.

Malam Bala: Kala ta tsallake layin ninki da milimita 3, sauran 12 a bar su ba tawada, ba sheƙi. Ki ce ya manna miki samfuri ɗaya, ya kwana, ki ja da hannu. In takardar ta yage har farin cikinta ya fito, ya kama. In ya rabu sumul, kada ki sa hannu.

Alhaji Sale: Mu a Mile 12 salatif muke naɗa wa kwali, bai taɓa buɗewa ba.

Ummi: Alhaji, wancan babban kwalin kaya ne, wannan ƙaramin na kanti ake nufi. Hajiya, ki buga zanen a takarda ki yanka ki ninka da kanki. Na turarena a waya kawai na duba, da aka ninka sai ga sunan da ke kan murfi a kife, duk 500 ɗin. Har yau abin yana min ciwo.

Nura: Amma Malam, mu leda muke shimfiɗa wa takardar gaba ɗaya, har kunnen, mu sa gam mai ƙarfi, kuma yana riƙewa.

Malam Bala: Wani gam yana riƙe leda, ban musa ba. Da hannu kuke mannawa ko da inji?

Nura: Da hannu.

Hajiya Rabi: Mai zanen nawa ma ya ce za a sa leda. Bari in kira shi in ji wane gam zai sa.