Yaya zan gyara Turancin saƙonni masu yawa ban taɓa ma'anarsu ba?

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni gajerun saƙonni kusan ɗari uku da wani ma'aikacin gyaran injina ya turo a wurin aikinmu, za a saka su cikin rahoto. Turanci ba harshensa ba ne, kurakuran rubutu da nahawu sun yi yawa. An ce in gyara amma kada in canja abin da ya faɗa. Ga guda: "I send the part until Friday, you must not come." Ta ina zan fara?

Auwal: Wa alaikumus salam. Abu ne mai sauƙi, 'yar uwa. Mutum ɗaya ne ya rubuta, don haka kuskurensa maimaita kansa yake yi. Zuba su duka a Word, ki danna Ctrl+H, ki sa kalmar da ya ɓata da wadda ta dace, sai Replace All. Sauran kuma jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kalma zai nuna miki.

Malama Hadiza: Auwal, gaskiyarka cewa kuskuren mutum ɗaya yana maimaituwa, amma Replace All ya tsaya ga kalmar da babu ita sam a Turanci, kamar "recieve" zuwa "receive". Ko a nan ma ta sa alama a Find whole words only, in ba haka ba ranar da ta ce a mayar da "i" ya koma "I" zai shiga cikin kowace kalma mai wannan harafin. Kalma irin "loose" kuwa kada a kuskura. A "we will loose the file" kuskure ce, "lose" yake nufi. Amma mai gyaran inji zai iya rubuta "the cable is loose", wato waya ta yi sako-sako, kuma daidai ya rubuta. Jan layin ma ba ya ganin "form" da aka sa a wurin "from", ko "now" a wurin "not", domin duka kalmomi ne na gaske. Wannan ta ƙarshen kuwa juya saƙo take yi gaba ɗaya.

Bilkisu, ga yadda nake yi. Kafin komai ki ajiye kwafin asali wanda ba za ki taɓa ba. Sai ki buɗe Excel ki yi ginshiƙi huɗu: lambar saƙo, asali, gyararre, tambaya. Ki karanta kamar hamsin na farko ba tare da kin gyara ko harafi ɗaya ba, kina rubuta abubuwan da yake yawan yi. A nan za ki koyi Turancinsa, domin yana da tsarinsa, sau da yawa nahawun harshensa ne yake bi.

Daga nan ma'aunina ɗaya ne. In jumla tana da gyara ɗaya tak, in gyara. "He didn't answered" ba ta da wata mafita sai "He didn't answer". In kuwa na ga gyara biyu masu kyau waɗanda ma'anarsu ta bambanta, to aikin ya wuce nahawu, zaɓar masa magana zan yi, sai in tsaya in cika ginshiƙin tambaya.

Mu ɗauki saƙon da kika kawo, wurare uku ne. "I send" na iya zama "I sent" ko "I will send". Ranar da aka turo saƙon za ta raba gardama: in Talata ce, kuma yana maganar Juma'a mai zuwa, "I will send" ne. Shi ya sa kada ki raba saƙo da kwanan watansa da saƙon da ya gabace shi. Na biyu, "until Friday". Aika kaya sau ɗaya ake yi, ba a ta yi har Juma'a ba, don haka kusan tabbas "by Friday" yake nufi. Masu harsuna da dama suna haɗa waɗannan biyun saboda kalma ɗaya ke musu aikin duka. Wannan zan gyara. Na uku shi ne mai haɗari. "You must not come" a Turanci hani ne, kada ka zo. Amma mai Jamusanci, alal misali, yakan rubuta haka yana nufin ba sai ka zo ba, wato "you don't have to come". Jumlar tasa ba ta da aibi a nahawu, babu abin da zai ja mata layi, kuma tana iya zama akasin nufinsa. Nan sai an tambaye shi.

Wajen tambayar kada ki ce masa me kake nufi, zai sake maimaita miki jumlar ne. Ba shi zaɓi biyu cikin sauƙin Turanci: an hana mutumin zuwa ne, ko in ya ga dama ya zo? Ki tara tambayoyin ki tura masa a lokaci ɗaya da lambobinsu.

Kabiru: Ni a ganina a sa shi ajin Turanci kawai. In kika gyara yau, gobe ma haka zai rubuto.

Bilkisu: Malam Kabiru, saƙonnin an riga an rubuta su, rahoton ake jira. Malama, na gode ƙwarai. Na duba, ran Laraba ya turo shi, don haka "will send" ne. To in ban samu amsarsa kan wasu ba fa?

Malama Hadiza: Ki gyara abin da ya tabbata, ki bar wurin shakkar yadda ya rubuta, ki sanar da mai rahoton lambobin saƙonnin. Haka ma lamba, sunan kayan inji da kwanan wata, kada ki taɓa su. 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, gwargwadon tsarin da ya saba da shi. "1,5" kuma a ƙasashe da yawa ɗaya da rabi ne, waƙafin ba kuskure ba ne da za a goge.

Injiniya Musa: Bari in yi magana daga ɓangaren wanda ake gyara wa, don an taɓa yi mini. Na rubuta "I think maybe the pump is the problem". Mai gyaran ya ga maimaici ne, ya mayar da shi "The pump is the problem". Turanci ya yi kyau, amma zato na yi, ban ce na tabbatar ba. Da aka kwance famfon aka ga lafiyarsa lau, ni aka tuhuma, da takarda mai sunana. Don Allah Malama Bilkisu, "maybe", "I think", "about", "sometimes", ki bar su ko da sun yi miki nauyi a kunne. Mai aikin hannu da su yake nuna iyakar abin da ya sani.

Auwal: Wannan na yarda. Amma irin "Send me now" fa? In manya za su karanta, ai gara a sa masa "please", kada a ɗauke shi marar ladabi alhali ƙarancin Turanci ne.

Malama Hadiza: Ni ba zan sa ba. "Send it to me now" gyaran nahawu ne, "please" kuwa kalma ce da bai faɗa ba, kuma wataƙila gaggawa ce ta sa ya taƙaita. Idan kin gama, Bilkisu, ki sa asali da gyararre a fayil biyu na Word, ki shiga Review ki zaɓi Compare, ki bi sauye-sauyen kaɗai. Duk inda kika ga an ƙara ko an cire kalma mai ma'ana, ki sake dubawa.

Auwal: Malama, har yanzu ban gamsu ba. Barin mutum ya fito kamar mai tsawa shi ma canja nufinsa ne.

Bilkisu: Zan sa wannan a cikin tambayoyin da zan tura masa, in ji ta bakinsa. Na fara karanta hamsin ɗin, har na ga "must not" a wurare da dama, duk na saka su a ginshiƙi na huɗu.