Yadda ake samun bashin kaya daga dila

A wata tattaunawa da 'yan kasuwa suka yi kan neman bashin kaya daga dila, sun fi ƙarfafa cewa kada ka nemi bashi a cinikin farko. Sari kaɗan, biya nan take, ka duba ko kayan sun zo daidai da samfur kuma a kan lokaci. Bayan ciniki biyu ko uku, ka nemi biyan rabi, ragowar bayan kwana 30. Amma idan kayanka sai sun yi kwana 45 suke ƙarewa, wa'adin zai cika kuɗinka na kwance a kaya, nan ne rigima ke farawa.

Idan dila ya ce ba ya sayar da ƙasa da katan 100, ka roƙi a kawo su kashi biyu, ko ku haɗa sari da wani. Wasu ba sa son haɗin, ni kuwa ina ganin ya fi tara kayan da ba sa tafiya.